Tafiyar Farar Ƙwayar Jini Zuwa Bakin Rauni

Idan fata ta tsage, ƙwayoyin cuta suka sami hanyar shiga, jiki yana mayar da martani mataki bayan mataki, kuma kowane mataki shi ke jawo wanda ke biye da shi. Abin da ido ke gani daga waje shi ne wurin ya kumbura, ya ɗauki zafi, ya yi ja, yana zugi. Waɗannan alamomi huɗu wani marubucin Rum mai suna Celsus ya lissafa su tun a ƙarni na 1 bayan haihuwar Annabi Isa, daga baya aka ƙara ta biyar, wato gaɓar da abin ya shafa ta kasa aikinta, kuma galibi ana danganta ƙarin ga likitan Jamus Rudolf Virchow. Ɗaliban aikin jinya da na likitanci sukan haddace alamomin nan biyar cikin minti guda, amma abin da ke faruwa a ƙarƙashin fata shi ke ba su wuya, saboda sunayen sinadarai sun yi yawa. Hanya mafi sauƙi ita ce a bi ƙwaya guda ɗaya tak, daga inda aka haife ta har inda ta mutu, domin tafiyarta ita ce jerin matakan kumburin rauni.

Ƙwayar da za a bi ita ce nutrofil. A cikin fararen ƙwayoyin jinin babban mutum ita ce mafi yawa, tana kai rabi zuwa kashi biyu cikin uku. Faɗinta kamar mikromita 12 ne, wato sai an jera fiye da 80 kafin su cika milimita ɗaya. A cikin ɓargo ake ƙera ta, a ƙasusuwa irin na ƙugu da ƙirji da gadon baya, kuma tana ɗaukar kusan mako biyu kafin ta nuna. A wannan lokacin ne take cika cikinta da ƙananan jakunkuna masu ɗauke da sinadaran narka ƙwayoyin cuta. Ɓargon babban mutum yana fitar da irinta kimanin biliyan 100 a kowace rana, saboda ba ta da tsawon rai: idan ta shiga jini, yawanci ba ta wuce yini guda tana zagayawa ba. Mafi yawan 'yan'uwanta haka suke ƙarewa ba su taɓa haɗuwa da ƙwayar cuta ko ɗaya ba, saifa da hanta da ɓargo su kwashe su. Wannan da ake bi ta fita daga ɓargo da safe, a jikin wani manomi.

Ƙaya a tafin ƙafa

Da misalin ƙarfe 8 manomin ya taka ƙaya a gona. Ta huda tafin ƙafarsa na dama, ya cire ta ya ci gaba da aiki, amma ɗan tsininta ya karye ya zauna a ciki. Tare da ita bakteriya suka shiga, daga ƙasa da kuma daga fatarsa. A cikinsu akwai Istafilokokus, wanda shi ne ya fi kowanne haddasa ƙurji da maruru, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da shi a hanci ba tare da wata cuta ba. Faɗinsa mikromita 1 ne kawai. Idan ya sami ɗumi da abinci yana rabuwa biyu kusan duk bayan minti 30. A lissafi, ƙwaya ɗaya da ba a taɓa ta ba za ta zama fiye da miliyan ɗaya a cikin awa 10. Wannan lissafin shi ke bayyana dalilin da ya sa komai na kumburi gaggawa ne.

A daƙiƙun farko ƙananan jijiyoyin jinin da suka yanke suna tsukewa, jini ya daskare a bakin hujin ya toshe shi. Nutrofil ba ta san an yi ba, tana can wataƙila a huhu ko a hanta. Waɗanda suka fara ganewa su ne ƙwayoyin da tun asali suke zaune a cikin nama ƙarƙashin fata. Iri biyu ne suka fi muhimmanci. Akwai makrofej, babbar ƙwaya mai haɗiya, wadda a jikinta akwai na'urorin ji da ke gane sassan bangon bakteriya, abubuwan da jikin mutum ba ya ƙerawa, da kuma abubuwan da ke zubowa daga ƙwayoyin jikin da suka fashe. Akwai kuma ƙwayar mast, wadda ke zaune kusa da jijiyoyin jini cike da histamin. Wannan shi ne mataki na farko, ganewa. Da ƙwayar mast ta ji rauni sai ta zubar da histamin ɗinta nan take. Makrofej kuwa sai ta fara ƙera sinadaran kira, manyansu TNF da IL-1, waɗanda ke ɗaukar ɗan lokaci kafin su taru.

Histamin yana yin aiki biyu a cikin mintuna. Yana sassauta naman da ke ɗaure da ƙananan jijiyoyin da ke kawo jini, su buɗe, jini mai yawa ya kwararo wurin. Daga nan ja da ɗumi suke fitowa, domin jinin daga cikin jiki yake zuwa da zafinsa. A baƙar fata jan ba ya fita sosai, wurin yakan ƙara duhu ne ko ya yi sheƙi, shi ya sa ma'aikacin lafiya mai hankali yake ɗora bayan hannunsa ya gwada ɗumin wurin da na ɗaya ƙafar. Aiki na biyu yana faruwa ne a ƙananan jijiyoyin da ke kwashe jini daga wurin. Bangonsu na ciki shimfiɗa ce ta ƙwayoyi masu faɗi da suka haɗa baki da juna. Histamin yana sa su ɗan takure, sai giɓi ya buɗe a tsakaninsu, ruwan jini ya riƙa tsiyaya cikin nama. Kumburin da ake gani ke nan.

Ruwan nan ba ɓarna ba ne. Yana ɗauke da furotin masu amfani: garkuwar da jiki ya taɓa ƙerawa a kan bakteriya, da wani rukunin furotin da ake kira kwamfilimen, da fibirinojin wanda ke zama zare ya yi raga a wurin don rage bazuwar cuta. Zugi kuma daga nan yake farawa. Matsin ruwan yana danne jijiyoyin ji, wani sinadari mai suna biradikinin yana tsokanar su, furostagilandin kuma yana ƙara musu saurin ji, har ya zama ɗan taɓawa ma ciwo ne. Magunguna irin su ibufurofen da asfirin suna hana ƙera furostagilandin ne, don haka suke rage zugi ba tare da sun kashe bakteriya ko ɗaya ba. Zuwa azahar manomin ya fara ɗingishi, alama ta biyar ta bayyana.

Yadda ake fita daga jini

Nan ne nutrofil ta iso, kuma nan ne ɗalibai suka fi rikicewa, don haka ya kamata a tsaya a kai. Matsalar da ke gabanta ita ce jini gudu yake yi. A yanayin lafiya ƙwaya takan wuce ta ƙananan jijiyoyin ƙafa cikin ɗan lokaci ta koma zuciya. Ba ta da ido, ba ta da hanyar sanin cewa a bayan bangon nan akwai cuta, sai dai bangon da kansa ya tsayar da ita.

Abin da ya fara taimaka mata shi ne yoyon da aka ambata. Tun da ruwa ya fita, jinin da ya rage a jijiyar ya yi kauri, gudunsa ya ragu. Jajayen ƙwayoyi suna harhaɗuwa su kama tsakiyar hanya, su tura fararen zuwa gefe. Sai nutrofil ta tsinci kanta tana gogar bango. Wannan shi ne raɓewa, kuma babu wani sinadari na musamman a cikinsa, yanayin gudun ruwa ne kawai.

Bangon kuwa ya riga ya canza. Ƙwayoyinsa suna da wani furotin mai kamu da ake kira selektin, a ajiye a cikinsu, wanda histamin ke sa su fito da shi fili cikin mintuna. Bayan awa ɗaya zuwa biyu, kiran TNF da IL-1 yana sa su ƙera wani nau'in selektin ɗin na biyu. Selektin yana kama wasu sassa masu sukari a jikin nutrofil, amma kamun ba shi da ƙarfi. Kamar ƙarangiya ce a kan riga: ta kama, a ja ta saki, ta sake kamawa a gaba. Jini yana tura ƙwayar, kamun baya yana sakewa, na gaba yana kamawa, sai ta riƙa mirginawa a kan bangon a hankali. Mirginawa ita ce matakin da ke rage gudu, kuma amfaninta shi ne ta ba ƙwayar lokacin jin abin da ke jikin bangon.

Abin da take ji shi ne IL-8, sinadarin kira da makrofej da ƙwayoyin bango suka fitar, wanda ke maƙale a fuskar bangon. Da ya taɓa ta, wasu furotin da ke jikinta masu suna integirin, waɗanda a da suke a lanƙwashe, sai su miƙe cikin ƙasa da daƙiƙa guda su kama abokin haɗinsu da ke bango, ICAM-1. Wannan kamun mai ƙarfi ne. Ƙwayar ta tsaya cik, ta baje, ta daina zama dunƙulalliya. Wannan shi ne mannewa. Wanda ya riƙe cewa selektin na mirginawa ne, integirin na mannewa, ya riƙe rabin darasin.

Daga nan sai ta yi rarrafe a kan bangon tana neman mahaɗar ƙwayoyi biyu. Idan ta samu sai ta tura wani ɓangare na jikinta cikin giɓin, sauran ya biyo. Abin da ke ba ta damar haka shi ne cibiyarta ba dunƙule ɗaya ba ce, kashi uku ne zuwa biyar da siririn zare ya haɗa su, don haka tana iya wucewa ɗaya bayan ɗaya ta wurin da bai kai rabin faɗinta ba. A bayan ƙwayoyin bango akwai wani tantani mai tauri, shi ma ta ratsa shi ta wuraren da ya fi laushi. Ratsawa gaba ɗaya 'yan mintuna take ɗauka, kuma bangon yana rufewa a bayanta. Likitan Jamus Julius Cohnheim ya kalli wannan da idonsa a 1867, a tantanin hanjin kwaɗo da ya shimfiɗa a ƙarƙashin madubin likita. Ya ga jijiyoyi sun buɗe, jini ya rage gudu, fararen ƙwayoyi sun jeru a gefe sannan sun fita. Sunayen furotin ɗin sai bayan fiye da shekara 100 aka gano su, amma jerin matakan yana nan yadda ya bayyana shi.

Hujjar cewa mannewa ba ƙaramin abu ba ne tana cikin wata cutar gado da ba a cika samu ba, inda ake haihuwar jariri da integirin marar aiki. Fararen ƙwayoyinsa suna da yawa a jini fiye da kima, saboda ba sa iya fita. Cibiyarsa takan daɗe ba ta faɗi ba, yana yawan kamuwa da cuta, kuma raunukansa ba sa yin mugunya ko da sun ruɓe.

Daga bango zuwa bakteriya

Nutrofil ta fita daga jini, amma tsinin ƙayar yana nesa da ita da kusan milimita ɗaya. Hanyar da take bi ita ce ta yawan sinadari. Bakteriya suna zubar da gutsattsarin furotin irin nasu, kwamfilimen da ya haɗu da su yana sakin wani yanki mai suna C5a, makrofej na ci gaba da fitar da IL-8. Dukansu sun fi yawa a kusa da raunin, suna raguwa da nisa. Ƙwayar tana gwada yawan da ke taɓa gabanta da wanda ke taɓa bayanta, ta miƙa jikinta ɓangaren da ya fi yawa, ta janyo bayanta. Tana cin kusan tsawon jikinta a minti ɗaya, don haka milimitan nan zai ɗauke ta awa guda ko fiye. A hanya ita ma tana sakin nata sinadarin kiran, wanda ke jawo na bayanta, shi ya sa da an fara taruwa sai abin ya riƙa ninkuwa.

Zuwa nan jerin ya kai wanda za a iya maimaitawa da ka: ganewa, buɗewa, yoyo, raɓewa, mirginawa, mannewa, ratsawa, bin kira. Abin da ke sa ya zauna a kai shi ne kowanne dalilin na gaba ne. Ba don yoyo ba jini ba zai yi kauri ba, ba don kaurin ba ƙwaya ba za ta raɓi bango ba, ba don mirginawa ba ba za ta ji IL-8 ba. Saura uku: haɗiya, kisa, shara.

Da la'asar ta isa. Bakteriyan da ta tarar ba tsirara suke ba, ruwan da ya yi yoyo tun da safe ya riga ya shafe su da garkuwar jiki da wani yankin kwamfilimen mai suna C3b. Nutrofil tana da na'urorin da ke kama waɗannan biyun, kuma bakteriyan da aka shafa ya fi wanda ba a shafa ba saurin kamuwa nesa ba kusa ba. Ta miƙa jikinta ta kewaye shi ta kowane gefe, bakin ya haɗe, ya zama yana cikin wata 'yar jaka a cikinta. Masanin Rasha Ilya Mechnikov ne ya fara fahimtar ma'anar wannan haɗiya. A 1882, a garin Messina na Italiya, ya soka ƙayar fure a jikin ɗan tauraron teku, wanda jikinsa garau yake ana ganin ciki, washegari ya tarar ƙwayoyi masu yawo sun kewaye ƙayar. A lokacin da dama suna ɗaukan cewa fararen ƙwayoyi yaɗa cuta suke yi. Shi ya ce kare jiki suke yi, kuma a 1908 ya sami kyautar Nobel tare da Paul Ehrlich.

Kisan a cikin jakar ake yin sa, ta hanya biyu a lokaci guda. Jakunkunan da ƙwayar ta cika tun tana ɓargo suna haɗewa da jakar bakteriyan su juye abin da ke cikinsu: masu huda bango, masu narka furotin, da wanda ke ƙwace sinadarin ƙarfe da bakteriya ke buƙata don hayayyafa. A gefe guda kuma ƙwayar tana zuƙar iskar oksijin da yawa farat ɗaya, ta mayar da ita sinadari mai ƙuna, shi kuma ya zama haidirojin feroksaid, irin wanda ake sayarwa a kemis. Wani sinadari mai suna mayelofiroksides yana haɗa wannan da kuloraid ɗin gishirin jiki, ya fitar da ainihin sinadarin da ke cikin bilicin wanki. Ƙwayar tana ƙera bilic a cikin jaka don kada ya taɓa ta, kuma mafi yawan bakteriya ba sa wuce rabin awa zuwa awa guda a ciki. Mayelofiroksides kore ne, kuma shi ke sa mugunya da majinar mai mura su yi kore-kore.

Istafilokokus ba ya tsayawa a kashe shi. Yana da furotin da ke kama garkuwar jiki ta baya, ta yadda nutrofil ba za ta sami wurin riƙewa ba. Yana da sinadarin da ke rusa haidirojin feroksaid, yana daskarar da ruwan jini ya ɓuya a ciki, wasu nau'o'insa kuma suna fitar da guba mai huda fararen ƙwayoyi. Aikin nutrofil shi ma ba shi da tsabta. Wani ɓangare na sinadaranta yana zubewa waje ya narka naman mai raunin, kuma rabon ɓarnar da ake gani a rauni mai ruɓa daga gare ta yake. A 2004 masu bincike a Berlin suka nuna cewa wasu nutrofil suna warware zaren gadon da ke cibiyarsu su watsa shi waje ya zama raga mai kama bakteriya.

Wadda ake bi ta haɗiye 'yan bakteriya, jakunkunanta suka ƙare, kuma ba ta da hanyar sake cika su. A cikin nama nutrofil ba ta cika wuce kwana ɗaya zuwa biyu ba. Akwai mutuwa iri biyu a gabanta. Idan guba ta fasa ta, abin da ke cikinta zai zube ya ƙara ɓarna, gawarta ta shiga cikin tarin matattun ƙwayoyi da bakteriya da narkakken nama, wanda shi ne mugunya. Idan ta tsira daga wannan, sai ta mutu a tsare: ta takure, cibiyarta ta farfashe, fatarta ba ta yage ba, ta fito da wata alama a jikinta da ke sa makrofej ta haɗiye ta. Ita ta biyun ta samu, da safiyar kwana na biyu.

Bayan mutuwarta

A awa 6 zuwa 24 na farko nutrofil ne suka fi yawa a rauni. Daga awa 24 zuwa 48 sai wasu fararen ƙwayoyi masu suna monosait su riƙa isowa ta hanyar nan ɗaya, mirginawa da mannewa da ratsawa, su rikiɗe su zama sababbin makrofej. Su sun fi daɗewa, suna kai makonni. Abin lura shi ne haɗiye matacciyar nutrofil yana canza halin makrofej. Tana rage fitar da TNF da IL-1, ta koma fitar da sinadaran da ke kwantar da kumburi da masu kiran gyara. Selektin ya ɓace daga bango, giɓin ya rufe, sababbin nutrofil su daina fita. Ke nan kumburi ba ya mutuwa don kansa, kashe shi ake yi, kuma mutuwar nutrofil tana cikin abin da ke kashe shi. Daga kwana na uku zuwa na biyar sababbin ƙananan jijiyoyin jini suna tsirowa, ƙwayoyi masu saƙa zaren nama suna cike ramin. Wannan ne jan nama mai gudaji-gudaji da ake gani a gindin rauni mai warkewa, wanda ke zubar da jini da an goge shi. Daga baya ya zama tabo, kuma tabo ba ya kai ƙarfin fatar asali, yakan tsaya a kusan kashi 80 cikin 100.

A ƙafar manomin abin bai tafi haka kai tsaye ba, saboda tsinin ƙayar. Babu ƙwayar da za ta iya haɗiye shi, bakteriya kuma suna maƙale a jikinsa, don haka kira bai tsaya ba. Nutrofil suka ci gaba da zuwa suna mutuwa, mugunya ta taru, jiki ya kewaye ta da bango. A kwana na huɗu wurin ya yi tsini, yana bugawa da bugun zuciya, kuma idan an danna ana jin ruwa a ciki. Ƙurji ke nan. A tsakiyarsa babu jijiyar jini, don haka maganin kashe bakteriya da aka sha ba ya isa can da kyau, nutrofil ma ba sa aiki sosai a inda babu oksijin. Shi ya sa maganin ƙurjin da ya nuna shi ne ma'aikacin lafiya ya tsaga shi da kayan aiki masu tsabta, ya fitar da mugunya da abin da ya maƙale. Matse shi da hannu kan tura bakteriya cikin naman da ke kewaye.

Ruwan da ya yi yoyo ba jini ne ke kwashe shi duka ba. Akwai wasu siraran hanyoyin ruwa da ke ɗaukar sa daga ƙafa zuwa ƙulluttukan da ke matsematsi, inda ake tace shi, wasu fararen ƙwayoyin kuma su hayayyafa don ƙera garkuwar da ta dace da wannan bakteriya. Kumburin ƙulluttukan nan shi ne kaluluwa, kuma dalilin da ya sa ciwon ƙafa ke fitar da ita a matsematsi, na hannu a hammata, shi ne hanyar ruwan. Idan TNF da IL-1 suka yi yawa suka shiga jini, suna isa ƙwaƙwalwa su ɗaga ma'aunin zafin jiki, sai zazzaɓi. Suna kuma sa ɓargo ya saki ajiyarsa, har da ƙwayoyin da ba su gama nuna ba. Gwajin jini a lokacin zai nuna fararen ƙwayoyi sun wuce iyakar da aka saba, wato 4,000 zuwa 11,000 a kowace mikrolita. A nan akwai abin kiyayewa: mutane da yawa 'yan asalin Afirka ta Yamma adadin nutrofil ɗinsu a jini ƙasa yake da wanda littattafan Turai suka rubuta, gado ne kuma ba cuta ba, don haka adadin da ya yi kama da daidai yana iya zama hauhawa a wurinsu.

Kumburin da ke aikinsa yakan kai ƙarshen ƙarfinsa a kwana biyu zuwa uku, sannan ya fara sauka, kuma yana tsayawa a kewayen raunin. Wanda ya fi ƙarfin jiki ana gane shi da cewa iyakarsa tana faɗaɗa kullum, zugi yana ƙaruwa, wani layi mai zafi yana hawa daga raunin zuwa sama, ko zazzaɓi da rawar sanyi su shigo. Ma'aikatan lafiya sukan zagaye iyakar kumburin da biro don su ga ko ya ƙetare ta washegari. Mafi haɗari shi ne matakan nan na buɗewa da yoyo su faru a jiki gaba ɗaya maimakon wuri guda. Jijiyoyi ko'ina su buɗe, ruwa ya fita, ƙarfin bugun jini ya faɗi, numfashi ya yi sauri, fitsari ya ragu, mutum ya rikice. Wannan shi ne sefsis, kuma a irin wannan hali awa guda ma tana da muhimmanci wajen isa asibiti.

Mai ciwon suga yana cikin haɗari na daban, domin yawan suga a jini yana rage wa nutrofil saurin bin kira da ƙarfin kisa, jinin da ke isa ƙafa ya ragu, jijiyoyin ji kuma su mutu har ƙaya ta shiga bai sani ba. Magungunan siteroyid, waɗanda wasu ke sha ba tare da umarnin likita ba don ciwon gaɓoɓi ko don ƙiba, suna hana nutrofil mannewa a bango, don haka rauni yana iya ruɓewa alhali ja da kumburin kaɗan ne. Huji mai zurfi da ƙasa ta shiga kuma yana da wani haɗarin da nutrofil ba ta da iko a kansa, wato titanus, wanda gubarsa ke bin jijiyoyin da ke motsa tsoka ko da raunin ya yi kamar ya warke. Kariya daga gare shi allurar rigakafi ce, shi ya sa ake tambayar duk wanda ƙaya ko ƙusa ta huda yaushe ya yi ta ƙarshe.